Layi biyu a tsinken farko ba hukunci ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da abin da baƙonku ya faɗa a shirin lafiya na daren Laraba, wai tunda gwajin cuta mai karya garkuwar jiki yana dacewa kashi 99 cikin ɗari, duk wanda tsinke ya nuna masa layi biyu sai ya rungumi ƙaddara. Haba! Kuma mai gabatarwa ya bar maganar ta wuce.

Ni na yi aiki a ɗakin gwajin jini har na yi ritaya, don haka bari in ƙirga muku da kawunan mutane. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma kusan mutum 6 cikin dubu ne ke ɗauke da cutar. To a tara mutum 1,000 masu shirin aure, a gwada su. Waɗannan shidan tsinke zai kama su, ba musu. Saura 994 lafiyarsu ƙalau, amma idan muka bi lissafin baƙon naku, tsinken yana kuskure a kan mutum ɗaya cikin kowane ɗari, ke nan zai yi wa wajen mutum 10 ƙazafi. Masu layi biyu sun zama 16, kuma goma daga cikinsu ba su da komai. Ina kashi 99 ɗin yake a nan? Wancan adadi yana faɗin yadda tsinke ke yi ne idan an riga an san halin jinin. Wanda ke zaune a benci yana rawar jiki kuwa tambayarsa daban ce: tunda ya nuna, da gaske ina da ita? Amsar ta dogara da yawan cutar a cikin waɗanda ake gwadawa.

Shi ya sa a ƙa'idar da muka yi aiki da ita idan tsinken farko mai suna Determine ya nuna, sai a sake da wani tsinke daban mai suna Uni-Gold, in suka saɓa a raba gardama da na uku, Stat-Pak. Da wuya mai lafiya ya faɗa kuskuren tsinke biyu daban-daban a jere.

'Yar ƙanwata haka aka yi mata a wani ɗan ƙaramin shagon gwaji. Tsinke ɗaya tak, aka rubuta takarda, aka miƙa wa wan ango a hannu. Kafin magariba an zo karɓar lefe, akwatunan ma ba a gama buɗe su ba. Da muka kai ta babban asibiti aka bi matakan, ba ta da komai, amma magana ta riga ta zaga unguwa. Yanzu da gwajin kafin aure ya zama doka a Kano tun 2024, gidaje nawa kuke so a yi wa haka?

Ku dawo da baƙon nan ya gyara maganarsa, a lokacin da mutane ba su yi barci ba.

Naku mai sauraro,
daga Kano