Gyara kan bayanin launin kobalt a shafinku na kimiyya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar sakandare a Agege, kuma ɗalibaina ne suka kawo mini shafinku na makon jiya. Marubucinku ya ce sinadarin kobalt mai launin shuɗi ya fi mai ruwan hoda faɗin tazara tsakanin obital ɗinsa biyar na d, wato guraben da ilektaron ke zama, wai don hasken shuɗi ya fi ƙarfi. Ya juya zancen ne. Launin da ido ke gani shi ne wanda ya tsira, ba wanda sinadarin ya haɗiye ba.

Ga abin da muke yi a aji. Mu narkar da kobalt kuloraid a ruwa, ya fito ruwan hoda, wato [Co(H₂O)₆]²⁺. Ƙwayoyin ruwa shida ne suka kewaye kobalt, suka raba obital biyar ɗin gida biyu, uku a ƙasa, biyu a sama. Ilektaron ba ya tsallake tazarar sai ya haɗiye haske kore, wajen nanomita 510. Da an ɗiga HCl mai ƙarfi, sai ka ga shuɗi ya turnuƙe kwalbar: [CoCl₄]²⁻. Yanzu kuloraid huɗu ne kawai a kewaye, tsarin ya juye, biyu a ƙasa, uku a sama. Tazarar mai huɗu kusan kashi 4 cikin 9 ce ta mai shida, ga shi kuloraid bai kai ruwa iya rabawa ba. Don haka jan haske mai rauni, wajen nanomita 690, ya isa. Shuɗin dai shi ne mai ƙaramar tazara. A ƙara ruwa, ruwan hodan ya dawo. Mu a Legas ma takardar gwajin kobalt, in aka bar ta a buɗe da damina, laima kaɗai kan mayar da ita ruwan hoda.

Sai batun maganaɗisu, inda ɗalibai kan ɗauka cewa tunda launi ya sauya, ƙidayar ilektaron marasa abokin zama, waɗanda su ne ke sa maganaɗisu ya ja sinadari, ma ta sauya. Ko kusa. Co²⁺ na da ilektaron bakwai a d. A mai ruwa, tazarar ba ta kai ta tilasta musu cunkushewa a ƙasa ba: biyar a ƙasa, biyu a sama, uku ba su da abokin zama. A mai kuloraid, huɗu a ƙasa, uku a sama, nan ma uku ne. Duka biyun maganaɗisu na jan su, kuma √(n(n+2)) ya ba da 3.87 BM, inda n shi ne adadin marasa abokin zama, BM kuma Bohr magneton ne, ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Awon gaske kan haura 4, saboda lissafin bai saka gudunmawar zagayen ilektaron ba.

Don Allah a buga gyaran kafin lokacin jarrabawa, domin yara da yawa sun riga sun kwafe kuskuren a littafi.

Taku,
Malamar kimiyyar sinadarai,
Agege, Legas