Zuwa ga 'yata, kan maganar da kika ce sai kin so kanki tukuna

Assalamu alaikum, Mamana.

Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya zaman kaɗaici. Mu nan kowa lafiya lau, sai godiyar Allah. Babanki ya nuna mini saƙon da kika turo masa, inda kika roƙi a dakatar da maganar kawo kuɗin gaisuwa. Kin ce yaron nan bai yi miki laifin komai ba, ke ce ba ki shirya ba, domin wanda bai so kansa ba ba zai iya son wani ba, kuma ke har yanzu ba ki kai ga son kanki ba. Babanki ya ce ba zai yi miki dole ba, ni ma haka. Dakatarwar ba ta dame ni ba. Dalilin da kika kafa ta a kai shi ne ya hana ni barci, shi ya sa na zauna na rubuto miki, don a waya kuka zai hana mu gama magana.

Na san maganar tana da daɗin ji, har ma akwai karin maganarmu da za a iya jingina ta da ita: so duk so ne, amma son kai ya fi. Sai dai masu iya magana sun faɗi haka ne don su bayyana halin ɗan Adam, cewa in wuta ta kama kowa gemunsa yake fara shafa wa ruwa. Ba sharaɗin aure suka gindaya ba. Abin da kika ɗauko kuwa sharaɗi ne: wai akwai wani aiki da za ki gama ke kaɗai, in kin gama sannan ki cancanci ki so wani. Ina so ki tambayi maganar nan abu ɗaya: yaushe ake gamawa? Wa zai gaya miki kin kammala? Mutumin da yake ganin kansa bai kai ba, shi ne kuma aka ɗora wa alƙalancin cewa ya kai. Ba zai taɓa yanke wa kansa hukunci mai daɗi ba, sai ya yi ta ɗaga ranar.

Shekarun da na yi ina koyar da ɗalibai malamai halayyar yara sun nuna mini cewa tsarin a juye yake. Jariri ba ya zuwa duniya da sanin darajar kansa. Ya yi kuka a ɗauke shi, ya ji yunwa a ba shi nono, ya yi rarrafe a yi masa tafi, daga nan yake gane cewa shi abin kulawa ne. Kamar magana ce: yaro ba ya shiga ɗaki ya koyi Hausa shi kaɗai sannan ya fito ya yi hira da mutane, a bakin masu yi masa magana yake tsintar ta. Akwai wani bincike da nake yawan kawo wa ɗalibaina. Wata masaniya mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a shekarar 1955, tun suna jarirai har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka tashi a gidajen talauci da rikici da shaye-shaye, kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, kuma abin da aka yi ta gani a tarihinsu shi ne akwai wani babba guda, kaka ko gwaggo ko malami, da ya riƙe su da ƙauna. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sauran, waɗanda suka lalace a ƙuruciya: da yawansu sun gyaru daga baya, kuma cikin abubuwan da suka juya rayuwarsu har da auren mutumin kirki mai natsuwa. Da a ce sun jira sai sun so kansu kafin su yarda a so su, da ƙofar da gyaran ya shigo ta nan suka rufe.

Ki kuma dubi abin da idonki ya gani. Kin tuna matar nan ta bayan gidanmu bayan haihuwarta ta fari, lokacin kina sakandare. Tana cikin wankan jego ciwon damuwa ya kama ta. In an shiga barka sai a same ta ta juya wa ƙofa baya, tana cewa ita ba uwa ba ce, ba ta da amfani, gara a ba kishiyarta yaron. Amma da yaron ya motsa cikin dare ita ce ta farko da za ta tashi, ta taɓa goshinsa, ta gyara masa zani, ta zauna tana kallon numfashinsa har asuba. A lokacin babu wanda ta tsana kamar kanta, kuma babu mai shaidar zur da zai ce ba ta son ɗan nan. Wannan kaɗai ya isa ya karya maganar a yadda ake faɗinta.

To amma ba zan ce miki babu gaskiya a cikinta ko kaɗan ba, don akwai, kuma wurin da gaskiyar take shi ne ya shafe ki. Wanda ya raina kansa yana iya so, har ya wuce misali. Abin da yake gagararsa shi ne yarda cewa ana sonsa. Wata mai bincike, Sandra Murray, da abokan aikinta sun tambayi ma'aurata da masu neman aure yadda kowa yake ganin kansa, da yadda yake ganin abokin zamansa, da yadda yake zaton abokin yana ganinsa. Masu raina kansu sun yi ta zaton ana ganinsu ƙasa da yadda ake ganinsu a zahiri. Mijin yana ganin mace ta gari, ita kuwa tana zaton haƙuri kawai yake yi da ita. Daga wannan zaton matsala take tasowa, don mai jiran a gudu a bar shi yakan riga ja da baya.

Bari in ɗauko abin da ke da kanki kika ba ni labari da ƙaramar Sallah. Kin tura masa saƙo da safe, bai amsa ba har la'asar. Kafin azahar kin riga kin yanke cewa ya gaji da ke, ya gane ba ki kai yadda yake zato ba. Da ya kira da yamma ya ce suna wurin jana'izar maƙwabci ne, wayar tana mota, sai kika amsa masa da "ba komai" a sanyaye, kika ƙi ɗaga kiransa washegari don ki ga ko zai nace. Ya nace. Hankalinki ya kwanta na ɗan lokaci, sannan wani ƙaramin abu ya sake faruwa, kika sake gwada shi. Mamana, a duk wannan labarin ba ki gaza wajen sonsa ba. Da ba ki sonsa da shirunsa bai ƙona ki haka ba. Inda aikin yake shi ne tsakanin azahar da la'asar ɗin nan, lokacin da zuciyarki ta ba ki fassara mafi muni kika karɓa ba tare da hujja ba. Kuma wannan aikin ba a yin sa a ɗaki a kulle, don sai akwai wanda ya yi shirun kafin ki koyi jira, ki koyi cewa "na damu da ban ji ka ba" a fili maimakon ki hukunta shi da shiru. Gwajin nan kuwa yana gajiyar da mutum komai haƙurinsa. Ranar da ya gaji, sai ki ce ai dama na sani, alhali gwajin ne ya kore shi.

Addininmu ma bai jera abin a layi ba, ɗaya sai an gama ɗaya. Kin haddace hadisi na 13 a Arba'una, cewa imanin ɗayanku ba ya cika har sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Hadisin ya ɗauka cewa kowa yana so wa kansa alheri, kuma haka ne: ke da kike cewa ba ki son kanki, kina so ki samu lafiya, kina so a mutunta ki, kina jin zafi in an wulaƙanta ki. Wannan gwargwadon kina da shi tuni. A suratul Hashri kuma Allah ya yabi mutanen Madina da suke fifita wasu a kan kansu ko da suna cikin buƙata. Sannan ga iyaka a labarin Salmanul Farisi da Abu Darda'i. Salman ya kai ziyara ya tarar da matar gidan a hargitse, ta ce mijinta ba ruwansa da duniya. Salman ya sa shi ya karya azumin nafila, ya hana shi tsayuwa sai ƙarshen dare, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salman ya yi gaskiya. Haƙƙoƙi ne da ake saukewa tare, a rana ɗaya.

Saboda haka ni ba zan tambaye ki ko kina son kanki ba, don wannan ji ne, yau yana nan gobe ya tafi. Abin da zan tambaye ki shi ne ko kina iya ce masa a'a. In ya nemi abin da bai dace ba, ko ya yi miki magana ta raini a gaban mutane, za ki iya buɗe baki, ko tsoron kada ya tafi zai sa ki haɗiye? Macen da ba ta iya wannan ba, ita ce nake jin tsoron aurenta, domin ita ce za a mara, ta ce laifinta ne, a hana ta zuwa gidansu ta kira shi kishi. In amsarki ita ce ba za ki iya ba, to a dakata ɗin, ni da kaina zan tsaya miki. Haka nan in abin ya wuce raina kai, kin shafe fiye da mako biyu barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abin da kike jin daɗinsa ya daina yi miki daɗi, ko tunanin gara mutuwa yana zo miki, wannan ciwo ne, likita ake gani, ba a zama a jira ya wuce. Ki gaya mini yau, kada ki bari sai gobe, in zo mu je tare.

Akwai kuma wata tambayar da ke kaɗai za ki iya amsawa. Wani lokaci yarinya ba ta son yaron ne, kunya ta hana ta faɗa, sai ta ɗora laifin a kanta. In haka ne ki faɗa kai tsaye, ba zunubi ba ne, kuma ya fi adalci a gare shi da a bar shi yana jiran ranar da ba a sa ba. Amma yadda na ga fuskarki duk lokacin da aka ambace shi, ban zaci haka ba ne.

Babanki ya ce wa mutanensu su ƙara mana lokaci zuwa bayan babbar Sallah, sun kuma amsa da mutunci. Ki nemi hutu ki zo gida kafin nan, ki yi istihara, mu zauna ni da ke. Shi kuma yaron ki gaya masa gaskiyar abin da yake faruwa da ke a ranakun da kike ƙin ɗaga waya, ki saurari abin da zai ce, ki kula da yadda zai faɗe shi. Ƙannenki suna gaishe ki, Gwaggo ma ta ce a gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki mafi alheri.

Taki,
Umma