Wake busasshe da dafaffe ba ɗaya ba ne: ku gyara lissafin shirinku na lafiya

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na lafiya na rediyo ya ce giram 100 na wake yana ɗauke da furotin giram 24, har ya zarce na nama, don haka talaka ya daina damuwa da tsadar nama. Mai gabatarwa ya ce masha Allah, aka wuce zuwa kiran waya. Babu wanda ya tambaye shi wane waken yake nufi, na cikin buhu, ko wanda aka jiƙa, ko na cikin tukunya. Wannan tambayar da ba a yi ba ita ce ta sa na rubuto muku raina a ɓace, domin maganar ta shigo har cikin gidana ta yi ɓarna.

Sana'ata abinci ce. Garau-garau da alale da faten wake nake sayarwa a Tudun Wada, kuma ina da ƙaramin sikeli na kicin saboda lissafin riba. Giram 24 da baƙonku ya faɗa gaskiya ne, amma na busasshen wake ne, yadda ake auno shi a Kasuwar Bacci, wanda ko akuya sai ta yi da gaske kafin ta tauna. Babu ɗan Adam da ke cin wake a haka. Da zarar ya shiga ruwa, lissafin ya canza.

In kin auna busasshen wake giram 100 kin jiƙa shi ya kwana, da safe ki tsane ruwan ki mayar da shi kan sikeli, za ki ga ya kusa giram 200. Ruwa ya sha, ba furotin ya ƙaru ba. Giram 24 ɗin nan na jiya yana nan yadda yake, sai dai yanzu ya bazu a cikin nauyin da ya ninka. Saboda haka giram 100 na jiƙaƙƙen wake furotin ɗinsa wajen giram 12 ne kawai. Ki ɗora shi a wuta ya nuna luguf, sai ya ƙara shan ruwa, nauyin ya tashi tsakanin giram 250 zuwa 300. Raba giram 24 a kan wannan, giram 100 na dafaffen wake zai ba ki 8 zuwa 9 da ɗoriya. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da kuka gaya wa jama'a. Busasshen wake ruwan jikinsa bai wuce kashi 11 ko 12 cikin ɗari ba, dafaffe kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari ruwa ne. Mai cin cokali uku na wake, kusan biyu ruwa ya ci.

Ga abin da ya faru a gidana. An yi wa surukata aiki, ta dawo gida ta rame, ciwon kuma yana jinkirin warkewa. Jami'ar abinci ta asibiti ta rubuta mana cewa a tabbatar Hajiya tana samun furotin giram 60 a yini, ta lissafa ƙwai da madara da kifi da wake. Maigidana mai son shirinku ne, ba ya barin ya wuce shi ko yana hanya a mota. Ya shigo da murnarsa ya ce, "Maman yara, ashe wahalar banza muke yi. Ki auna wa Hajiya wake giram 250 a rana, sittin ɗin ya cika, kuɗin kifi ya huta." Ya ɗauki sikelina da kansa, ya ɗebi dafaffen wake daga tukunya, ya auna 250 cif, ya miƙa mata. A lissafinsa 24 sau biyu da rabi, 60. Lissafinsa daidai ne. Lambar da ya ɗauko daga wurinku ce ba ta wannan tukunyar ba.

Na ce masa Alhaji, ba haka ba ne. Ya ce ni da masanin da aka gayyata gidan rediyo wa ya fi sani. Kun ga inda kuka jefa ni. Mace mai sayar da garau-garau tana ja da maganar da ta fito daga rediyo, a gaban uwar miji.

Ban yi musu ba. Washegari na kira shi kicin kafin in ɗora sanwa. Na tsince wake, na auna rabin kilo, giram 500, ya gani da idonsa. Na ce ya buga a wayarsa, 24 sau biyar, ya ce 120. Na ce to wannan 120 ɗin shi ne duk furotin da zai shiga tukunyar nan, ko kwana za ta yi a wuta ba zai haihu ba. Da ya dahu na juye shi a roba, na cire nauyin robar, sikeli ya nuna giram 1,400. Na ce raba 120 gida 14. Ya samu takwas da rabi da ɗan ɗoriya. Kwanon Hajiya na giram 250 ashe furotin giram 21 ne a ciki, ba 60 ba. Kafin ta samu sittin daga wake kaɗai sai ta cinye giram 700 na dafaffe, rabin tukunyar ke nan, tsohuwar da ko rabin kwano sai da lallashi, kuma in ta matsa cikinta ya kumbura ta kwana tana juyi. Alhaji ya yi shiru yana kallon sikelin, can ya ce a aiki yaro ya sayo ƙwai. Ƙwai ɗaya furotin ɗinsa wajen giram 6 ne, kuma ba ya cika mata ciki.

Ni Allah ya taimake ni ina da sikeli kuma na san halin wake. Gida nawa ne a Rigasa da Kawo da Unguwar Mu'azu aka saurari shirin nan, ana jinyar mara lafiya ko ana yaye yaro, kuma babu mai sikeli balle mai ja da Alhaji?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kwatancen da nama. Baƙonku ya ɗauki busasshen wake ya gwada da ɗanyen nama, ya ce 24 ya fi 20. Wannan ba adalci ba ne ga mai sauraro, domin su biyun hanyarsu daban a tukunya. Wake shan ruwa yake yi ya kumbura, nama kuwa fitar da ruwa yake yi ya motse. Duk matar da ta taɓa sayen kilo guda na nama ta dafa ta san abin da ke saura. Don haka lambar nama hawa take yi bayan dahuwa, jan nama marar kitse ya kan kai 26 ko fiye a giram 100, ta wake kuwa sauka take yi zuwa 8. A kan faranti, inda ake cin abinci, nama ya ninka wake sau uku. Ba ina kushe wake ba ne, da shi nake ciyar da 'ya'yana nake biyan kuɗin makarantarsu, kuma in batun kuɗi ake yi, furotin ɗin wake ya fi na nama araha nesa ba kusa ba. Da wannan baƙonku ya faɗa da na yaba masa. Amma ya faɗi yawan da za a ci kafin a samu.

Kuma dafaffen ma ba lamba ɗaya gare shi ba, wannan ne dalilin da ya sa na ce 8 zuwa 9. Sabon wake yana shan ruwa da sauri ya nuna. Tsohon da ya daɗe a rumbu ko a shago taurin kai gare shi, ya sha wuta bai kumbura sosai ba, sai an jefa masa 'yar kanwa. Wanda aka dafa tsai-tsai don garau-garau bai kai na fate nauyin ruwa ba. Faten wake kuwa, da romonsa da manja da alayyafo, in ka auna giram 100 wataƙila rabi ne kawai wake. Alale ma haka, an surfa wake, an markaɗa da ruwa, an ƙara ruwa wajen kwaɓi. Babu jadawalin da zai san yawan ruwan da na zuba a ƙulluna. Shi ya sa hanyar da ba ta ƙarya ita ce a auna wake tun yana busasshe, a fitar da jimillar furotin, sannan a duba mutum nawa suka ci tukunyar ko gwangwani nawa na alale ya fito. Rabin kilo ya ba da alale gwangwani 20, kowane gwangwani giram 6 ke nan daga wake. Wanda kuma ya ga lamba a takarda ko a waya, ya duba: in ta haura 20 ta busasshe ce, in tana tsakanin 7 da 9 ta dafaffe ce. Wannan bayanin minti biyu zai ci a cikin shirinku.

Kuskuren yana iya juyawa ta ɗaya gefen ma. Mai ciwon ƙoda da likita ya ƙayyade masa furotin, in ya ɗauki 24 ɗinku ya ɗora a kan dafaffe, zai tsorata ya rage abincin da ya halatta ya ci, ya ƙara ramewa a banza.

Na yi ƙoƙarin kira a lokacin shirin, layinku kullum a cike. Abin mamaki, muryoyi ukun nan da muka haddace su ne ke samun shiga kowane mako, su ɓata minti biyar suna gaida 'yan majalisarsu ta shayi da uwargida da amarya, ba tambaya ba ƙarin bayani. Sannan tallan mai maganin basir da kuke sakawa a tsakiyar shirin lafiya, ƙararsa ta ninka ta shirin, sai mutum ya zabura ya rage murya. Shirin likita da tallan maganin da ke warkar da cuta arba'in a kwalba ɗaya, wanne kuke so mu ɗauka?

Abin da nake nema shi ne ku dawo da baƙon nan, ku ajiye masa sikeli da kwano uku a gabansa, busasshe da jiƙaƙƙe da dafaffe, ya auna ya karanta wa jama'a lambobin da bakinsa. In ba zai samu zuwa ba, ku karanta wasiƙar nan a daidai lokacin da kuka watsa waccan maganar, ba ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba lokacin da masu girki sun yi barci.

Taku mai sauraro,
Wata mai sana'ar abinci,
Tudun Wada, Kaduna.