Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya rufe ƙorafina a kan hannun da ke nutsewa cikin haƙarƙari

Zuwa ga shugabannin kamfanin da masu kula da ƙorafin 'yan wasa,

Bayan gaisuwa. Na fito da maganar nan fili ne saboda amsar da kuka aiko mini ranar 19 ga Mayu da ƙarfe 4:12 na yamma. Layi biyu ce. Na farko ya ce ma'aikatanku sun gwada ba su ga matsalar ba. Na biyu ya ce in sabunta direban katin hotona, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke zana hoto a kwamfuta, in kuma tabbatar kwamfutata ta kai ƙarfin da wasan ke buƙata. A ƙasa an buga `Closed: Cannot Reproduce`. Na mayar da amsa cikin minti goma, sai saƙona ya dawo mini da sanarwar cewa an rufe wannan ƙorafi, in buɗe sabo. Wannan shi ne karo na uku da ake ce mini in buɗe sabo.

Ga abin da na kai muku, ko da wanda zai karanta wannan bai taɓa buɗe takarduna na baya ba. A watan Fabrairu na sayi suturar sulke mai faɗin ƙirji a shagonku na cikin wasa, naira 18,500, bayan kuɗin wasan kansa da na biya bara. Tun ranar da na sa wa jarumina ita, duk sanda na danne `Shift` ya sheƙa da gudu, damtsensa na hagu sai ya nutse cikin haƙarƙarinsa, gwiwar hannun ta ɓullo ta farantin sulken baya, kusa da tsakiyar gadon baya. Idan yana tafiya lafiya ƙalau. Idan yana sassarfa ma lafiya. Tsalle, durƙuso, hawa tsani, duk babu komai. Gudun ne kaɗai. Kuma kyamarar wasanku a bayan jarumi take zaune, don haka wurin da hannun ke huda jiki shi ne tsakiyar allona.

Ban aiko muku da “wasa ya lalace, ku gyara” ba. Sana'ata ke nan, ina haɗa motsin mutum-mutumi na tallace-tallace da Blender a nan Kano, na san rahoton da mai gyara zai iya aiki da shi. Na ɗauki bidiyo a kan firam 60 a daƙiƙa, wato hotuna 60 a jere, na bi shi firam bayan firam. Zagaye ɗaya na gudun, daga saukar ƙafar dama zuwa sake saukarta, firam 36 ne. Hannun yana fara shiga jiki a firam na 14, lokacin da yake komawa baya. A na 18 gwiwar ta fito ta bayan sulke gaba ɗaya, har ana ganin maɗaurin fata na damtse yana leƙowa ta cikin ƙarfe. A na 22 ya fita. Firam tara cikin 36, wato kashi ɗaya cikin huɗu na duk gudun da jarumin zai yi, hannunsa a cikin jikinsa yake. Na maimaita sau ashirin a filin atisaye, a ƙasa mai shimfiɗa, kuma ko sau ɗaya lambobin ba su canza ba.

Wannan rashin canzawar ita ce ta sa amsarku ta yi mini ciwo. Duk wanda ya taɓa ganin matsalar direba ya san kamanninta: hoto ya riƙa walƙiya, fata ta koma baƙa, tsinke-tsinke su miƙe daga jikin jarumi zuwa sama, ko wasan ya rufe kansa. Tana zuwa ne ba tsari, yau nan gobe can. Direba ba ya zaɓen hannun hagu ya bar na dama, ba ya jiran firam na 14. Inda ƙashi zai tsaya a kowane firam, bayanin motsin da kuka saka a wasan ne ke faɗa, katin hoto kuwa zana abin da aka miƙa masa kawai yake yi. Duk da haka na bi umarninku tun karon farko a watan Maris. Na sabunta direba. Na goge wasan na sake sauke shi, gigabait 62, da datar da na saya da kuɗina, kwana biyu ina fama saboda ɗauke wuta. Na je na gwada a kwamfutar wani abokina mai katin hoto na wani kamfani dabam. Hannun yana nan yana shiga a firam na 14.

Bari in faɗi abin da gwajin ya nuna, tunda ga alama babu wanda ya kai rahoton ga masu haɗa motsi. A irin waɗannan wasanni, jarumi ƙwarangwal ne a ciki, an ɗaura masa fata da tufafi a kan ƙasusuwan. Motsi yana juya ƙasusuwa, fata ta bi. Abin da ke hana jarumi ratsa bango wani dogon ƙunshi ne marar ganuwa da ya lulluɓe shi duka. Wannan ƙunshin bai san hannu ba, bai san ƙirji ba. Saboda haka babu abin da ke tare hannu daga shiga haƙarƙari sai idon wanda ya tsara motsin, wanda ya bar isasshiyar tazara a hammata. Tazarar kuma ya auna ta ne da jikin da ke gabansa ranar da yake aiki.

Na cire sulken na mayar da rigar farko da ake ba kowa kyauta. Na yi gudu, hannun ya wuce dab da jiki, bai shiga ba. Tazarar kaɗan ce ƙwarai, amma akwai ta. Ke nan gudun an yi shi ne a kan siririn jiki, sulken da kuka sayar mini kuma ya ƙara kauri a gefen ƙirji, ya cinye 'yar tazarar. A tafiya da sassarfa hannu ba ya nisa, yana lilo ne a gefe, shi ya sa kaurin bai dame shi ba. A gudu kuwa jarumin yana sunkuyawa gaba, ƙirjinsa na murɗawa, gwiwar hannu a lanƙwashe tana komawa baya sosai tana karkatowa ciki. Jiki na juyowa wajen hannu, hannu na matsowa wajen jiki, sai su haɗu.

Akwai gwaji na biyu da na rubuta muku a saƙon 2 ga Afrilu, wanda ya isa ya nuna wa kowa inda zai duba. Idan jarumin na riƙe da takobi a dama, hannun dama ba ya shiga jiki, domin wani motsi ne dabam na riƙe makami aka ɗora a kansa, ya danne na gudun. Idan na ba shi bindiga mai hannu biyu, matsalar sai ta ɓace ɗungurungum, domin yanzu tafin hagu a manne yake da bindigar, damtsen kuma bin tafin yake yi. Idan na ajiye makami duka, hannun dama ma yana gogar sulken, sai dai bai kai na hagu nutsewa ba. To, wanda ya gwada da rigar kyauta ba zai gani ba. Wanda ya gwada da bindiga a hannu ba zai gani ba. Na tabbata haka aka yi aka rubuta mini cewa ba a ga komai ba, alhali layin farko na rahotona ya ce: sulke mai faɗin ƙirji, takobi ko hannu wofi, a danne `Shift`. Bidiyon da na haɗa daƙiƙa 40 ne kacal. Shafin da na ɗora shi yana ƙirga masu kallo, kuma har yau adadin bai wuce kallona ni kaɗai ba.

Gyaran ma ba ɓoyayyen ilimi ba ne. Ana iya ƙara wa ƙashin damtse, irin wanda ake kira `upperarm_l` a ƙwarangwal ɗin Unreal Engine, 'yar buɗewa zuwa waje duk lokacin da aka sa sutura mai kauri, a ɗora ta a kan motsin gudun. Na kwaikwayi yanayin a Blender da jiki mai irin wannan faɗin, digiri 8 zuwa 10 ya fitar da gwiwar. Ya kamata a taɓa ƙashin wuya kaɗan shi ma, in ba haka ba kafaɗa za ta yi kamar an ɓalle ta. Idan buɗewar ta wuce haka jarumin zai yi gudu kamar mai ɗauke da tulu a hammata, don haka sai an sa ido. Hanya mafi tsabta ita ce a yi wa masu kaurin jiki gudunsu na kansu, amma wannan ya fi cin lokaci. Ko wacce kuka zaɓa, aikin mai haɗa motsi ne, ba na mai katin hoto a gidansa ba.

Na san za a ce ai ba ta hana wasa. Gaskiya ne, ba ta kashe jarumi, ba ta goge ci gaba. Amma me na saya da naira 18,500? Sulken nan ba ya ƙara ƙarfi, ba ya tare sara. Kyan gani kawai kuka sayar mini, kuma kyan ganin ne ya lalace, a wasan da rabinsa gudu ne daga wannan gari zuwa wancan. Hoton tallan da ke shagonku jarumin a tsaye yake, hannu a buɗe. Ba ku nuna shi yana gudu ba.

Tsakanin Maris da yanzu kun fitar da sabuntawa da dama, na daina ƙirga su. Na karanta jerin gyare-gyaren kowacce. Sababbin suturu sun shigo shago, biyu daga ciki masu faɗin ƙirji irin nawa, kuma mutanen da muke wasa tare sun turo mini hotunan hannu a cikin haƙarƙari a jikinsu su ma. Da maɓallin biyan kuɗi ya samu tangarɗa wani dare, kafin wayewar gari an gyara shi. Wannan ya nuna mini kuna da mutanen da suka iya aiki, kuna kuma da sauri idan abin ya shafi aljihunku. Abin da nake zarginku da shi yanzu ya wuce hannun jarumi ɗaya. Kuna sayar da suturu ba tare da an sa su an yi gudu da su ba, sannan kuna rufe ƙorafi don jerin ya ragu, kuna ɗora laifin a kan kwamfutar mai saye, musamman idan kun ga daga inda yake rubutowa.

Ina buƙatar a sake buɗe ƙorafina na 19 ga Mayu, a miƙa shi ga masu haɗa motsi tare da bidiyon, kuma mutum ya rubuto mini cewa ya kalla. Ina buƙatar a mayar mini da naira 18,500 ta hanyar da na biya, ba da kuɗin cikin wasa ba, idan ba za a gyara a sabuntawa mai zuwa ba. Ku kuma sa gargaɗi a kan waɗannan suturu uku a shago, ko ku janye su har sai an gwada su da tafiya, sassarfa da gudu, da makami da babu makami. Kuɗin datar da na ƙona wajen sauke gigabait 62 a kan shawarar da ba ta da alaƙa da matsalar, shi ma ina son jin abin da za ku ce a kai.

Bidiyon da jerin firam ɗin suna nan a maƙale da ƙorafin da kuka rufe. Ba zan buɗe na huɗu ba.

Naku,
Mai sayen wasanku daga Kano