Asusu nawa ya kamata sabon kamfani ya buɗe a littafinsa?

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni ce aka damƙa wa riƙon littafin kuɗi na wani ƙaramin kamfani da zai buɗe farkon wata mai kamawa. Sana'a biyu zai haɗa: sayar da kayan wutar sola, wato faranti da batir da inbata, da kuma zuwa a haɗa wa mai saye su a inda yake so. Ma'aikata uku ne masu albashi, sai masu aikin hannu da ake kira idan aiki ya samu, a sallame su a kan kowane aiki. Akwai mota guda ta kai kaya, akwai kuma rancen banki da za a riƙa biya wata-wata.

Na zana jadawalin asusun a kan tsarin da aka saba. Lambobin 1000 na kadarori ne: kuɗin hannu, banki, bashin da muke bin mutane, haja da mota. Na 2000 bashin da ake bin kamfani, na 3000 jarin mai kamfani da abin da yake ɗiba don kansa, na 4000 kuɗin shiga, na 5000 abin da aka kashe kai tsaye a kan abin da aka sayar, na 6000 kuma kuɗin gudanarwa irin su haya da albashin ofis da talla. Na bar tazara tsakanin lambobi don a samu gurbin saka sabon asusu ba tare da an birkita jerin ba. Wannan gindin ba ni da ja a kansa. A cikin 4000 da 5000 ne magana ta tsaya.

Mai kamfanin ya ce asusu ɗaya na ciniki ya isa, tunda kuɗin duk aljihu ɗaya suke shiga. Amma shi ɗin dai yana so a buɗe wa kowane babban abokin ciniki asusunsa, kowane nau'in batir ma nasa, har da reshen da yake shirin buɗewa baɗi. A ƙiyasina, idan aka bi wannan za mu haura asusu ɗari tun ba a sayar da ko waya ɗaya ba.

To Malam, a ina ya kamata a tsaga, a ina ya kamata a haɗe? Ladan masu haɗa kaya da man motar zuwa wurin aiki, a 5000 za su zauna ko a 6000? Sannan kamfanin zai riƙa karɓar kashi 40 cikin ɗari a matsayin kafin alƙalami, wani aikin kuma sai watan gaba za a kammala shi. Mai kamfanin yana ganin kuɗi in ya shigo banki ya zama ciniki. Ni ban gamsu ba, amma ina son hujjar da zan ajiye masa a gabansa da alƙaluma.

Na gode, a huta lafiya.
Mai bibiyar wannan fili.

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Gindin da kika kafa daidai yake, kuma kin gano inda gizo yake saƙar. Mai kamfanin ya juya abin ne: yana son haɗewa a inda ya kamata a raba, yana son rabawa a inda ya kamata a haɗe.

Ma'aunin da za ki riƙe shi ne wannan. Kafin ki buɗe asusu, ki tambayi kanki wace shawara za a yanke idan aka ga jimillarsa a ƙarshen wata. In akwai shawarar, ki buɗe. In babu, abin ya shiga ƙarƙashin wani. Tambaya mafi girma ga kamfani mai sana'a biyu ita ce wacce daga ciki take kawo riba, don haka kowace sana'a tana buƙatar asusun shigarta a 4000 da takwaransa na kashewa a 5000, lambobinsu suna kallon juna. Ki sa 4100 cinikin kaya, 5100 kuɗin sarin kayan da aka sayar. Ki sa 4200 kuɗin haɗawa, sai 5210 ladan masu haɗawa, 5220 waya da ƙusa da sauran ƙananan kayan aiki, 5230 zirga-zirgar zuwa wurin aiki.

Ga alƙaluman da za ki nuna masa. A ɗauka a wata guda an sayar da kaya na 900,000, an karɓi 300,000 na haɗawa. Kayan da aka sayar an saro su a kan 720,000. Masu haɗawa sun karɓi 210,000, ƙananan kayan aiki sun ci 60,000, zirga-zirga ta ci 45,000. Idan asusun ciniki ɗaya ne, rahoton zai ce an shigar da 1,200,000, an kashe 1,035,000, ribar farko, wato kafin a cire kuɗin gudanarwa, 165,000. Zai duba ya ce ba laifi, ya rufe littafi. Amma da aka raba, sai a ga kaya sun kawo ribar 180,000, wato kashi 20 cikin ɗari na cinikinsu, haɗawa kuwa an karɓi 300,000 an kashe 315,000, an faɗi da 15,000. Kenan duk aikin haɗawar da ya ƙara karɓa a wannan farashi, ribar kaya yake gutsura yana ciyar da shi. Jimillar ba ta canza ba ko kaɗan, 165,000 ce nan da can, amma tsari ɗaya ya nuna ramin, ɗayan ya lulluɓe shi.

Mai yiwuwa ya ce miki da gangan yake sassauta kuɗin haɗawa don ya jawo masu sayen kaya. Wannan dabarar kasuwa ce, kuma hakkinsa ne. Sai dai gara ya san nawa dabarar take cinye masa kowane wata.

Akwai sharaɗi guda wanda in ba a cika shi ba rabon nan aikin banza ne: dole takardar cajin da ake ba mai saye ta fito da layi biyu, kuɗin kaya daban, kuɗin haɗawa daban. Idan aka yi jinga a dunƙule, aka ce aikin gaba ɗaya kaza ne, ke ce za ki zauna kina kintace wajen rabawa, kuma kintacen wannan wata ba zai zo daidai da na watan gobe ba. Ragi ma haka: a rubuta a kan wane layi aka yi shi. Ki daidaita wannan da mai rubuta takardun tun kafin a buɗe.

Batun 5000 da 6000 kuwa, ki tambaya: da ba a yi wannan aikin ba, da an kashe kuɗin? Ladan mai haɗawa da ake biya a kan aiki, ba aiki ba lada, saboda haka na 5000 ne. Haya kuwa ko an sayar ko ba a sayar ba mai gida zai zo, tana 6000. Man mota ne yake da ɗan wuya, domin mota ɗaya ce take zuwa wurin aiki take kuma zuwa banki. Kada ki wahalar da kanki da raba kowace lita. Idan mafi yawan tafiyarta ta aiki ce, ki zuba man duka a 5230, ki rubuta wannan ƙa'ida a gefen sunan asusun, ki tsaya a kanta. Illar tana zuwa ne idan wannan wata aka sa shi a 5000, wata mai zuwa a 6000, sai ribar farko ta riƙa hawa da sauka alhali ba abin da ya canza a kasuwa. Haka ma'aikaci mai albashi wanda kusan duk lokacinsa a haɗawa yake ƙarewa, albashinsa ya bi 5210, in ba haka ba haɗawa za ta yi kamar tana riba da guminsa kyauta.

Kafin alƙalami ba ciniki ba ne tukuna, bashi ne a wuyan kamfani, domin in aikin ya fasa za a mayar da kuɗin. Ki buɗe masa asusu a 2000, a ce 2300. Aikin 500,000 da aka karɓi 200,000 a kansa a ƙarshen wata, kuɗin ya shiga banki ta gefe guda, ya zauna a 2300 ta ɗaya gefen. Ranar da aka kammala aka miƙa aikin, sai a kwashe 200,000 ɗin daga 2300, a rubuta cikakken 500,000 a 4100 da 4200 gwargwadon rabonsu, ragowar 300,000 kuma ta shiga banki ko ta zama bashin da kuke bi. Idan aka sa shi a ciniki tun ranar karɓa, watan farko zai nuna riba ba tare da kuɗin kayan ba, wata na biyu kuma ya ɗauki nauyin sari da lada duka da ciniki guntu. Haɗarin shi ne mai kamfani ya ga ribar watan farko ya ɗiba, alhali kuɗin batirin wani ne. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ƙarshen kowane wata, abin da ke cikin 2300 ya zo daidai da jimillar kafin alƙalamin ayyukan da ba a kammala ba.

Tunda muna 2000, abu biyu kuma. Biyan rance kashi biyu ne: uwar kuɗi tana rage asusun rancen, kuɗin ruwa ko ribar banki kaɗai ke shiga cikin kashewa. Harajin da kuke karɓa daga mai saye a madadin hukuma, in dokar inda kuke ta ɗora muku, shi ma asusunsa na nan ne, kada ya gauraya da ciniki.

Abokan ciniki ba sa shiga jadawali ɗaya-ɗaya. Asusu guda ne na bashin da kuke bi, a ce 1200, sunayen mutane da abin da ake bin kowa kuma suna cikin littafin masu bashi, wanda jimillarsa dole ta yi daidai da 1200. Nau'o'in batir aikin rajistar haja ne, ita za ta faɗa masa wanne ya fi tafiya. Reshe kuma, yawancin manhajojin lissafi suna ba da damar yi wa kowace shigarwa alamar wuri ko sashe, sai a fitar da rahoton reshe ba tare da an ninka jadawalin ba. In kika ninka, duk sabon asusu sai kin buɗe shi sau biyu, kuma ranar da aka manta ɗaya rahotannin sun daina kwatantuwa. Kamfani irin wannan, asusu talatin zuwa arba'in sun wadatar da shi.

Asusun tarkace, wato na ƙananan abubuwan da ba su da nasu asusun, ki bar shi guda ɗaya, ki riƙa leƙa shi duk wata. Abin da ya bayyana a cikinsa wata uku a jere ya cancanci nasa asusun, kuma tazarar da kika bari ita za ta karɓe shi. Asusun da aka taɓa shigar da wani abu a ciki kuwa ba a goge shi, ba a kuma ba wani abu daban lambarsa. Dakatar da shi ake yi. Babban garambawul, irin raba asusu ɗaya gida biyu, ki jira farkon shekarar lissafi, ko kuma ki koma ki gyara watannin baya su bi sabon tsari, don wata da wata su ci gaba da kwatantuwa.

Kafin ranar buɗewa, ki ƙirƙiro takardu kamar ashirin irin waɗanda za su riƙa zuwa teburinki: rasit ɗin mai, sarin batir a kan bashi, kafin alƙalami, kayan da aka dawo da su, kuɗin da mai kamfani ya ɗauka daga akwati. Ki ba wanda zai riƙa shigarwa idan ba kya nan, ya saka kowace a asusunta, ke ma ki saka naki daban, sannan ku kwatanta. Duk takardar da kuka saɓa a kanta, ko sunan asusun ne bai fito fili ba, ko kuma asusu biyu ne suke aiki ɗaya, sai ki gyara sunan ko ki haɗe su.