Ganyen da ke kan fosta ba kyauta ba ce

Edita, assalamu alaikum.

Daga Asawase a Kumasi nake rubuto maka. Yaranmu masu yin fim suna manna zanen ganyen nan da ke kewaye sunan biki a fosta wai bikin fina-finai ya zaɓe su, mutane kuwa sai su ɗauka kofi aka ci.

Ai ba haka ba ne. Zaɓen hukumar biki dai nufinsa masu tantancewa sun kalli abin da aka turo, sun sa naka cikin jerin da za a nuna, shi ke nan, gasa daban, kyauta ma daban. Amma darajar zaɓen tana ga wanda ya zaɓa. In FESPACO ce, wato bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, wanda aka fara a 1969, dillalan fim da gidajen talbijin suna zuwa, su kalla, su saya, ta nan fim ke isowa falonmu.

Wani ƙanena fa ya biya kuɗin shiga wani biki ta FilmFreeway, shafin intanet da ake tura fim zuwa bukukuwa, aka aiko masa da ganye, ba sinima ba 'yan kallo, ko ranar nuni ba a sa ba. Tun daga nan tambayata ɗaya ce, a wane ɗaki aka haska shi, ran yaushe?

Naka,
Mai karatu daga Asawase