Cek ba kuɗi ba ne sai ya wanke

Assalamu alaikum, Edita.

Ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwana na Kantin Kwari da Singa kan sakin kaya da zarar an miƙo cek. Yara masu tasowa sun saba da tiransifa, shi ya sa da yawansu ke ɗaukar cek kamar kuɗi a hannu.

A ce wani ya ɗauki atamfa ta naira 850,000 ranar Juma'a. Zai rubuta kwanan wata da sunanka yadda yake a asusunka, sai adadin kuɗin da kalmomi da kuma lambobi, ya sa hannu irin wanda ya ajiye a bankinsa. Idan ya ja layi biyu a karkace a fuskar cekin, ba za a ƙirga maka kuɗi a kanta ba, dole a zuba a asusu. Ni na fi son haka, domin ko cekin ya faɗi a adaidaita sahu, wanda ya tsinta ba zai karɓi tsabar kuɗi da shi ba.

Matsalar tana farawa ne bayan ka kai shi bankinka. Idan bankinku ba ɗaya ba ne, naka zai ɗauki hoton cekin ya tura wa nasa ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, can a duba sa hannun, a duba ko akwai kuɗi, wani lokaci har a kira mai asusun ya tabbatar. Wannan kan ci ranar aiki guda, kuma ba a lissafa Asabar da Lahadi. Cekin Juma'a sai Litinin ke nan, ko Talata in ka makara. Kana iya ganin alat tun ranar, amma kada ya ruɗe ka. Duba "available balance": in 850,000 ba ta hau nan ba, ba ta zama taka ba tukuna. Mai niyyar cuta ya san da wannan tazara, shi ya sa yake zuwa da yammacin Juma'a yana gaggawar lodi.

Ba kowane cek da ya dawo ne na macuci ba. Kalmomi su saɓa da lambobi, sa hannu ya canza, a kai shi kafin ranar da aka rubuta, ko ya haura wata shida, duk banki zai mayar. Waɗannan a sake rubuta wani kawai.

Na rashin kuɗi a asusu kuwa laifi ne. Dokar 1977 kan cek marar kuɗi ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara ga wanda ya karɓi kaya da irin wannan cek. Amma da sharaɗi: sai an kai cekin banki cikin wata uku daga kwanan da ke kansa. Mai ajiye cek a durowa saboda kunyar Alhaji har wata huɗu ya zubar da wannan damar da hannunsa.

Naka,
Wani ɗan kasuwa,
Kantin Kwari, Kano.